Rana ce a Gaba ko Wata? Yadda Ake Tantance Kwanan Wata a Takardun Kamfanoni

Idan aka rubuta 03/04/2024 a kan takardar ciniki, mutumin Kano ko na Maraɗi zai karanta 3 ga Afrilu, shi kuwa Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris. Kowannensu ya karanta daidai bisa al'adar ƙasarsa, amma tsakanin karatun biyu akwai kwana talatin. Matsalar takan taso ne a lokacin da akawu ko akanta ya zauna ya kwashe bayanai daga rasidai, da takardun neman biyan kuɗi, da takardun rakiyar kaya, da bayanan asusun banki, waɗanda kamfanoni daban-daban suka fitar, domin ya zuba su a rajista ɗaya. Lambobin da ke kan takardar ba sa faɗin tsarin da aka bi wajen rubuta su, don haka dole mai kwashewa ya gano tsarin daga wani wuri.

Tsari uku ne suka fi yawo a takardun kasuwanci. Najeriya, Nijar, Gana, Birtaniya, Faransa da galibin ƙasashen Turai suna fara wa da rana, sai wata, sai shekara. Jamusawa ma haka suke yi, sai dai da ɗigo suke raba lambobin, kamar 03.04.2024. Amurka tana fara wa da wata, sai rana, sai shekara. Sin da Japan da Koriya kuwa shekara suke sa wa a gaba, sai wata, sai rana. Wannan tsari na uku shi ne ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta ɗauka a ƙa'idarta mai suna ISO 8601, wadda aka fara fitarwa a 1988, inda ake rubuta 3 ga Afrilu, 2024 a matsayin 2024-04-03. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayen kaya daga Legas, da Dubai, da Guangzhou, yana kuma karɓar takardun mota daga wani dillali a Amurka, yana iya tara dukkan tsarin uku a fayil guda ba tare da ya lura ba.

Ba kowane kwanan wata ne ke rikitarwa ba. Tunda watanni goma sha biyu ne kawai, duk lambar da ta haura 12 rana ce, ko a gaba take ko a tsakiya. Wanda ya ga 25/04/2024 ya san rana ce a gaba, wanda ya ga 04/25/2024 kuma ya san wata ne a gaba. Ranakun da ke iya rikitarwa su ne 1 zuwa 12 na kowane wata, wato kwana 144 a shekara. Daga ciki akwai 12 da lambar rana da ta wata suka zo ɗaya, kamar 05/05, waɗanda ko ta ina aka karanta amsa ɗaya ce. Saura kwana 132, fiye da kashi ɗaya cikin uku na shekara. A waɗannan ranaku karatun biyu duk suna ba da kwanan wata na gaskiya da ke cikin kalanda, shi ya sa kuskuren ke wucewa babu wanda ya ankara. Tazarar kuma ba ɗaya ba ce. Tsakanin karatu biyu na 03/04 wata ɗaya ne, amma 01/12 na iya zama 1 ga Disamba ko 12 ga Janairu, kusan wata goma sha ɗaya ke nan.

Abin da irin wannan kuskure ke jawowa a ofis sananne ne. Takardar da aka kai watan da ba nata ba tana ɓata lissafin wata biyu, wanda aka ɗauke ta daga cikinsa da wanda aka jefa ta. A Najeriya ana miƙa bayanin harajin kayayyaki na kowane wata kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce, saboda haka cinikin Maris da aka rubuta a Afrilu ya fita daga bayanin da ya kamata ya shiga. Bashin da aka ba wa wa'adin kwana talatin yana iya wuce lokacinsa alhali rajista na nuna da sauran kwanaki. Caki yakan daina aiki bayan wata shida, kuma da kwanan watan da ke kansa ake ƙirgawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙa yanke hukunci a kan kowane kwanan wata shi kaɗai: idan lambar farko ta haura 12 a ce rana ce, idan ba ta haura ba a bi abin da aka saba. Wannan hanya tana kama da hikima, amma ita ce mafi ɓarna, domin tana gyara kwanakin da dama ba su da matsala, ta bar masu matsalar ga sa'a. Tsarin kwanan wata ɗabi'ar wanda ya fitar da takarda ce. Na'urar da ke buga rasidan wani kamfani ba ta sauya tsari daga wannan rasidi zuwa wancan. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wane tsari wannan kamfani yake bi a irin wannan takarda? Da zarar an samu amsa, sai a yi aiki da ita a kan dukkan takardunsa na wannan nau'i, masu rikitarwa da marasa rikitarwa.

Hanyar farko ta samun amsar ita ce a tara takardun kamfani guda wuri ɗaya a nemi lambar da ta haura 12. Takarda ɗaya mai ɗauke da 04/25/2024 ta isa ta nuna hanya, ko da yake biyu ko uku sun fi ba da natsuwa, musamman idan na'ura ce ta karanto lambobin daga hoto. Ana kuma duba sauran wuraren da kwanan wata ke fitowa a jikin takarda ɗaya: ranar da aka fitar da ita, ranar biya, ranar lodin kaya, da ɗan ƙaramin rubutun da ke can ƙasa mai nuna lokacin da aka buga ta. Sau da yawa ɗaya daga cikinsu yakan tona asirin sauran. Wasu fom ɗin ma suna rubuta tsarin ƙarara a gefen gurbin, kamar DD/MM/YYYY ko MM/DD/YYYY, sai dai a fom ɗin da aka cika da hannu wannan rubutu yana nuna abin da aka nema ne kawai, mai cikawa yana iya bin abin da hannunsa ya saba.

Wani lokaci babu ko lamba ɗaya da ta haura 12, sai a koma ga wasu shaidu. Misali, a ɗauka wani kamfanin sayar da kayan gyaran injina a Kano ya karɓi takardun neman biya guda biyar daga wani mai kawo masa kaya, kuma akanta yana shigar da su a ƙarshen Afrilun 2024. Ga lambobin takardun da kwanakinsu:

```
1041   02/05/2024
1047   02/12/2024
1058   03/04/2024
1063   03/11/2024
1072   04/02/2024
```

Idan aka karanta da rana a gaba, za a samu 2 ga Mayu, 2 ga Disamba, 3 ga Afrilu, 3 ga Nuwamba, da 4 ga Fabrairu. Abu uku sun ƙi wannan karatu. Lambobin takardun suna hawa bi da bi daga 1041 zuwa 1072, amma kwanakin suna tsalle gaba da baya, har ta ƙarshe ta riga ta farko fitowa da kusan wata uku. Uku daga cikin kwanakin, na Mayu da Nuwamba da Disamba, ba su ma zo ba tukuna a ranar da akanta ke riƙe da takardun. Sannan 3 ga Nuwamba da 4 ga Fabrairu na 2024 duk Lahadi ne. Idan kuwa aka karanta da wata a gaba, sai a samu 5 ga Fabrairu, 12 ga Fabrairu, 4 ga Maris, 11 ga Maris, da 2 ga Afrilu. Kwanakin sun bi lambobin takardu sau da ƙafa, huɗu na farko duk Litinin ne, na biyar kuma Talata, abin da ya yi kama da ofishin da ke fitar da takardunsa a farkon mako.

Akwai ƙarin shaida a cikin takarda mai lamba 1058 ita kanta. A ce an rubuta a jikinta cewa wa'adin biya kwana talatin ne, ranar biya kuma 04/03/2024. Da rana a gaba, ma'anar ita ce an fitar da takardar ran 3 ga Afrilu, ana neman kuɗin ran 4 ga Maris, wato kafin a rubuta ta, wanda ba zai yiwu ba. Da wata a gaba kuwa, an fitar da ita 4 ga Maris, kuma kwana talatin bayan haka shi ne 3 ga Afrilu cif. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a cikin duka, domin lissafi ne da ke cikin takardar, ba ya dogara da zato game da halin kamfanin. Shaidar ranar mako ita ce mafi rauni. Kasuwanni da yawa suna ci ranar Lahadi, a Saudiyya ma Lahadi ranar aiki ce, na'ura kuma tana iya fitar da takarda kowace rana. Tana ƙara wa sauran shaidu nauyi, amma ba a tsayawa a kanta ita kaɗai.

Adireshin kamfani da irin kuɗin da ke kan takarda suna ba da haske, sai dai suna yaudara fiye da yadda ake zato. Kamfanin da ke Legas yana iya amfani da manhajar lissafi da aka ƙera a Amurka ba tare da ya taɓa saitinta ba, sai rasidansa su riƙa fitowa da wata a gaba alhali kuɗin naira ne. Kamfanin Sin da ke rubuta takarda da Turanci yana iya bin tsarin ƙasarsa, ko na Amurka, ko na Birtaniya, gwargwadon abokan cinikin da ya saba da su. Kanada kuwa ana samun dukkan tsarin uku a cikinta. Kamfani ɗaya ma yana iya bin tsari biyu: takardar neman biya da kwamfuta ta buga da wata a gaba, takardar rakiyar kaya da ma'aikacin sito ya cika da biro da rana a gaba. Yana kuma iya sauya manhaja a tsakiyar shekara. Alamar haka ita ce a samu 25/04 da 06/19 a takardun kamfani guda, sai a nemi inda canjin ya faru ta hanyar lambobin takardun, a rubuta cewa daga lamba kaza zuwa kaza tsari kaza ne. Shi ya sa ofis mai tsari yakan ajiye ɗan jadawali mai ɗauke da sunan kamfani, nau'in takarda, tsarin kwanan wata, shaidar da aka dogara da ita, da ranar da aka tabbatar.

Ɓarna mafi yawa ba a kan takarda take faruwa ba, a cikin kwamfuta take faruwa, musamman a manhajar Excel. Ita Excel ba ta ajiye kwanan wata a matsayin rubutu, lamba take mayar da shi: 4 ga Maris, 2024 shi ne 45355, 3 ga Afrilu kuma 45385. Idan aka buɗe fayil irin na CSV, wanda bankuna da kamfanoni ke yawan aikowa, Excel tana duba saitin yanki na kwamfutar ta fassara kwanakin da shi, ba ta tambayi kowa ba. Kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, suna nan a kan English (United States). A irin wannan kwamfuta, fayil da aka rubuta da rana a gaba yakan rabu gida biyu. Duk kwanan watan da ranarsa ba ta haura 12 ba za a juya shi, 03/04/2024 ya zama 4 ga Maris. Wanda ya haura kuwa, kamar 25/04/2024, Excel ba ta san watan 25 ba, sai ta bar shi a matsayin rubutu.

Ana gane hakan da ido. Idan ba a taɓa saitin gidajen ba, kwanakin da Excel ta mayar lamba suna jingina da gefen dama, waɗanda suka rage rubutu kuma suna jingina da hagu. Layin kwanan wata da ya fito wasu dama wasu hagu ya riga ya lalace. Domin tabbatarwa ana sa wannan a gidan da ke kusa, a ja shi zuwa ƙasa:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Idan amsar ta fito a cakuɗe, TRUE a nan FALSE a can, to rabin kwanakin an juya su. Abin da ya fi haɗari shi ne a ajiye wannan fayil a tsarin Excel a tura wa wani da kwamfutarsa ke kan English (United Kingdom). A can za a nuna 4 ga Maris a matsayin 04/03/2024, kusa da 25/04/2024 da ya rage rubutu, komai ya yi kama da tsari ɗaya mai kyau, alhali lambobin asali sun riga sun musanya wuri. Sauya yadda gida ke nuna kwanan wata ta hanyar Format Cells ba ya gyara komai, domin lambar da ke ƙarƙashi tana nan yadda take.

Maganin shi ne kada a bar Excel ta yi zato tun farko. Maimakon a danna fayil ɗin sau biyu ya buɗe, sai a shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, a mayar da layin kwanan wata rubutu zalla, ko a zaɓi Using Locale a faɗa mata ƙasar da tsarin ya fito. Idan layin ya shigo a matsayin rubutu mai lambobi biyu, biyu, huɗu, kuma an tabbatar rana ce a gaba, wannan yana gina kwanan watan daidai ko wane saiti kwamfutar ke kai:

```
=DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Ga kamfanin da ke sa wata a gaba sai a musanya MID da LEFT. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani: DATE ba ta ƙin watan da ya haura 12. Idan aka ba ta shekarar 2024, wata na 25, rana ta 4, ba za ta yi ƙorafi ba, sai ta ci gaba da ƙirga watanni ta ba da 4 ga Janairu, 2026. Don haka bayan an gama juyawa ana duba kwanan wata mafi tsufa da mafi sabo a layin. Duk wanda ya faɗa wajen lokacin da ake aiki a kai, ko ya shiga ranar da ba ta zo ba, alama ce ta an yi amfani da tsarin wani kamfani a kan takardar wani. Idan kuwa ɓarnar ta riga ta faru, kuma fayil na asali ya ɓace, ana iya mayar da kwanakin da aka juya da wannan, amma a kan gidajen da suka ba da TRUE kawai, kuma sau ɗaya tak:

```
=DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2))
```

A ofisoshin Nijar da ke amfani da Excel ta Faransanci sunayen su ne ANNEE, JOUR da MOIS, kuma da alamar ; ake raba su.

Masu rubuta manhajar kwashe bayanai suna fuskantar abu ɗaya. A harshen Python akwai kayan aiki irin su dateutil da ke karanta kwanan wata ta hanyar zato: suna ɗaukar wata a gaba, idan lambar ta haura 12 sai su juya shiru, wato ainihin hukuncin ɗaya bayan ɗaya da aka ce yana ɓarna. Abin da ya fi shi ne a faɗi tsarin ƙarara, daga jadawalin kamfanoni:

```
datetime.strptime("25/04/2024", "%d/%m/%Y")
```

Idan kwanan watan bai dace da tsarin ba, wannan umarni yana tsayawa da ValueError, kuma tsayawar ce ake so, domin ita ce ke sanar da cewa kamfanin ya sauya tsari ko an karanto lamba ba daidai ba. Na'urar da ke karanta rubutu daga hoton takarda takan rikita 1 da 7, ko 3 da 8, musamman a rasidin da ya koɗe. Idan ta karanta 17 a matsayin 11, kwanan watan da ba shi da matsala ya koma mai rikitarwa, idan kuma ta karanta 10 a matsayin 18, ta ƙirƙiro shaidar ƙarya.

Shekara mai lambobi biyu tana ƙara wani rikicin. 24/03/25 na iya zama 24 ga Maris, 2025, ko 25 ga Maris, 2024. Tsarin shekara a gaba mai lambobi shida ya zama ruwan dare a wuraren da na'ura ke karantawa: layuka biyu na ƙasan shafin fasfo, da lambobin GS1 da ke jikin kwalayen magani, inda (17) ke nuna ranar ƙarewar aiki, ta yadda (17)260630 ke nufin 30 ga Yuni, 2026. Sunan wata da aka rubuta da haruffa yana kashe gardama, sai dai a takardun Faransanci da ke zuwa daga Yamai, Kwatano ko Lome, juin da juillet, wato Yuni da Yuli, haruffansu uku na farko ɗaya ne, don haka manhajar da ke yanke suna zuwa haruffa uku tana haɗe su. Takardun Saudiyya kuma wani lokaci da kalandar Hijira suke zuwa, shekara kamar 1445 ita ce alama, kuma wannan sai an mayar da shi kalandar Miladiyya tukuna.

A rajistar ƙarshe ana ajiye abu uku ga kowace takarda: kwanan watan kamar yadda yake a jikinta harafi da harafi, kwanan watan da aka tantance a tsarin 2024-04-03, da tsarin da aka yi amfani da shi. Na farko shi ne ke ba da damar komawa baya idan daga baya aka gano an yi wa wani kamfani gurguwar fahimta. Na biyu yana jeruwa daidai ko da a matsayin rubutu aka tsara shi, tunda babbar lamba ce a gaba. Akwai takardun da duk shaidun nan ba za su warware ba, misali rasidi ɗaya tilo daga kamfanin da ba a taɓa ciniki da shi ba, mai ɗauke da 07/08/2024 kuma babu wani kwanan wata a jikinsa. Irin wannan ana barin gurbinsa a buɗe, a sa masa alamar jira, a duba ranar da kuɗin ya fita a banki, ko tambarin kwastan, ko littafin karɓar kaya na sito. Idan duk ba su raba gardama ba, sai a tambayi kamfanin, a kuma roƙe shi ya rubuta sunan watan da haruffa a cikin amsarsa.